Direba Ya Ratse Hanya Ya Yi Ɓarna: Shi Zai Biya Ko Maigidansa?

Duk inda mota ta buge mutum a ƙasar nan, da zarar an gama salati an kwashi wanda ya ji rauni zuwa asibiti, tambayar farko da danginsa ke yi ita ce: motar wa ce? Ba son jin labari ke sa su tambaya ba. Sun san direban da ke karɓar albashin wata ba shi da abin biyan kuɗin ɗorin ƙashi, balle diyyar rai, don haka idonsu na kan mai motar. Shi kuma mai motar idan aka same shi, amsarsa kusan kullum iri ɗaya ce: "Ni Zariya na aike shi. Me ya kai shi Funtuwa? Sha'anin gabansa ya tafi, ku je ku neme shi."

Kowannensu yana ganin gaskiya a hannunsa take, kuma kowannensu rabinta ya riƙe. Ba duk ɓarnar da yaronka ya yi da motarka ce za ta hau kanka ba. Haka kuma ba don ka ce ba ka aike shi ba shi ke nan ka tsira. Akwai ma'aunin da kotu take amfani da shi, kuma ma'aunin ya kusa shekara 200 ana gyara shi.

A ka'ida, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Wanda ya yi sakaci ya cutar da wani, shi ne zai biya. Amma dokar Ingila, wadda Nijeriya ta gada ta hanyar mulkin mallaka kuma manyan kotunanmu ke aiki da ita a shari'o'in neman diyya, ta yi togaciya guda. Ta ce idan ma'aikaci ya cutar da wani a cikin aikin da aka ɗauke shi dominsa, ana iya bin maigidansa diyya ko da shi maigidan bai yi laifin komai ba, ko da yana Makka lokacin da abin ya faru. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya sa mota a hanya don ya ci riba, shi ya jawo haɗarin da ke tattare da tafiyar, shi ke zaɓar direba, shi ke iya korarsa, shi kuma ke da ikon yin inshora. Bai kamata ribar ta shiga aljihunsa, asarar kuma ta faɗa kan mai tallan gyaɗa da ke tsaye a bakin titi ba.

A lura, maganar diyya ake yi, ba ta ɗauri ba. Laifin tuƙin ganganci na direba ne, shi za a gurfanar. Al'adar nan ta tsare maigida ko ɗan uwan direba a caji ofis "har sai ya fito" ba ta da gurbi a doka: dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun hana kama wani a madadin wanda ake zargi.

Kafin diyya ta hau kan maigida, sai mai ƙara ya tabbatar da abu uku. Na farko, cewa an yi masa laifi na sakaci ko na ganganci. Na biyu, cewa wanda ya yi laifin ma'aikacin wanda ake ƙara ne. Wannan ma yana da nasa rikicin, domin matsayin direban kamfani mai albashi daban yake da na ɗan adaidaita sahu da ke kai balas da yamma, amma mu bar shi sai wata rana. Na uku shi ne wanda ya fi cin lokacin kotu: shin a daidai lokacin da ya yi ɓarnar, aikin maigidansa yake yi, ko nasa?

Daga keken doki aka faro

A 1834 aka yi wata shari'a a Landan tsakanin Joel da Morison. Joel yana tsallaka titi a cikin birni sai keken doki ya banke shi ya karya masa ƙafa. Morison, mai keken, ya kawo shaidu cewa kekensa ba ya bin wannan unguwa sam, hanyarsa ta can wajen Finchley ce. Watau idan ma yaransa ne suka yi, to ratsewa suka yi don wata buƙatarsu. Alƙali Parke ya yi wa masu taya shi yanke hukunci bayani da kalmomin da har gobe lauyoyi ke maimaitawa. Ma'anarsu ita ce: idan yaro yana kan aiken maigidansa sai ya ɗan ratse, ko da ratsewar ta saɓa wa abin da maigidan yake so, maigida zai biya, amma idan ya tafi yawon gabansa ne kawai, babu aikin maigida a cikin tafiyar ko kaɗan, to babu ruwan maigida. A ƙarshe aka ba Joel diyyar fam 30.

Bayan shekara 35, a 1869, sai ga shari'ar Storey da Ashton ta nuna ɗaya gefen. Ashton mai sayar da giya ne. Ya aiki direban kekensa da wani akawunsa su kai kaya su dawo da kwalaben da aka shanye. Sun kai, sun juyo, saura ƙiris su iso shago, lokacin tashi daga aiki ma ya wuce, sai akawun ya lallaɓi direban ya juya akalar doki zuwa wata nahiya daban don ya yi wata hidimar kansa. A can suka take wani yaro. Kotu ta ce Ashton ba zai biya ba. Babban Alƙali Cockburn ya ce ba yana nufin duk ratsewa ce ke sauke alhaki daga kan maigida ba. Da direban zagaye kawai ya yi a hanyarsa ta dawowa, da maigida ya biya. Amma wannan sabuwar tafiya ce aka ƙirƙiro, mai zaman kanta, wadda ba ta da alaƙa da aiken da aka yi musu.

To ga iyakoki biyu: ratsewa a cikin aike, da sabuwar tafiya. Abin da ke tsakaninsu ba a auna shi da tsinke. Sai an zauna an dubi abin da ya faru dalla-dalla, kuma hanya mafi sauƙi ta fahimtar yadda ake dubawa ita ce mu ɗauki tafiya guda mu bi ta daga farko har ƙarshe.

Daga Singa zuwa Zariya

A ƙaddara wani ɗan kasuwa ne a Kasuwar Singa ta Kano, yana da ƙaramar motar ɗaukar kaya da direba mai albashin wata. Ranar Talata da safe ya loda masa buhun sukari 60, ya ba shi takardar kaya da kuɗin mai, ya ce ya kai wa wani abokin ciniki a Sabon Garin Zariya, ya dawo da motar kafin magariba. Wannan shi ne aiken, ba ragi ba ƙari.

A Kwanar Ɗangora direban ya tsaya ya yi salla ya ci abinci. Da zai koma kan titi bai duba madubi ba, ya banke mai babur. Alhajin bai ce masa ya tsaya ba, kuma cikin da aka cika na direba ne ba na Alhaji ba. Duk da haka da wuya a sami alƙalin da zai ce ya fita daga aiki. Wanda ya tura mutum tafiyar yini guda ya san zai ci, zai sha, zai yi salla, zai kewaya. Waɗannan duk suna cikin abin da aka san tafiya da shi. Alhaji zai biya.

Mu ɗan matsa. A ce tun a Kura ya sauka daga babban titi ya shiga cikin gari, tafiyar minti goma, don ya gaishe da mahaifiyarsa ya ajiye mata kuɗin cefane, sai ya buge yaro a lungu. Nan lauyan Alhaji zai miƙe da ƙarfinsa ya ce ai gaisuwar uwa ba ta cikin takardar kaya. Gaskiya ne. Amma sukari na cikin mota, Zariya ce har yanzu inda ya nufa, Kura a kan hanya take, kuma ratsewar ƙarama ce idan aka gwada ta da tsawon tafiyar. Ya haɗa tasa da ta maigidansa ne, bai yar da ta maigidan ba. A bisa bayanin Parke, wannan ma ta fi karkata ga cewa Alhaji zai biya. Ni a ganina daidai ne, domin duk wanda ya taɓa riƙe direba ya san irin wannan tsayawar ba abin mamaki ba ce. Wanda ya ce bai yi tsammaninta ba yaudarar kansa yake yi.

Yanzu a ce ya kai kaya lafiya, an sa masa hannu a takarda da ƙarfe ɗaya na rana. Maimakon ya juyo Kano, sai wani ya same shi a tasha ya ce yana da kayan ɗaki zuwa Funtuwa. Suka yi ciniki, direba ya soke kuɗin a aljihu, ya ɗauki hanyar yamma alhali gida yana arewa. Kafin ya isa ya yi karo da wata mota. Wannan ita ce shari'ar Ashton a cikin rigar zamani. Nahiyar daban, nisan mai yawa, manufar tasa ce shi kaɗai, ribar ma tasa ce, kuma babu wani abu a cikin tafiyar da ke kusantar da motar ga inda aka ce a mayar da ita. A nan Alhaji yana da hujja mai ƙarfi cewa ba shi za a bi ba.

Sai dai hujjar tana iya rushewa da tambaya guda. Idan aka sa Alhajin a gaban kotu, lauyan mai ƙara ya ce masa, "Ranka ya daɗe, ka san direbanka yana ɗaukar lodi a hanyar dawowa?" ya amsa cewa ya sani, yakan kawar da kai tun da albashin ba yawa, ko ma yakan karɓi wani abu daga ciki a matsayin kuɗin mai, to labari ya sha bamban. Abin da maigida ya sani ya yi shiru a kai, kotu tana iya ɗaukarsa a matsayin izini. Kuma a harkar sufurinmu, inda direbobi da yawa da lodin dawowa suke cike giɓin albashi, wannan tambaya ce ke kayar da masu motoci fiye da kowace.

Saura mai wuyar. Ya sauke kayan ɗakin a Funtuwa lafiya, ya juyo zai kawo mota Kano, sai tsautsayin ya same shi a hanya. Ya koma bakin aiki ke nan ko bai koma ba? Juya kan mota kaɗai ba ya wadatarwa. Wanda ya yi haɗari yana fitowa daga Funtuwa har yanzu yana cikin abin da ya janyo wa kansa, domin aiken Alhaji bai taɓa bukatar motar ta taka wannan titi ba. Amma idan ya dawo ta Zariya, ya hau titin Kano da aka ce ya bi tun farko, ya wuce Tashar Yari sannan ya yi karon, mai ƙara zai ce mutumin yana kan hanyar da aka sa shi, yana yin abin da aka sa shi, latti kawai ya yi. Wannan magana tana da nauyi, kuma tana ƙara nauyi gwargwadon kusantarsa da hanya da lokacin da aka tsara masa.

Ta ƙarshe ba ta buƙatar dogon bayani. Ya dawo, ya ajiye mota, ya tashi daga aiki, sai da daddare ya ɗauki makulli a ɓoye ya kwashi abokai zuwa biki a Gwarzo. Motar Alhaji ce, amma tafiyar ba tasa ba ce ta kowace fuska.

Mai karatu zai ga cewa a duk waɗannan tambayoyin da ake yi ba su canja ba: ina aka aike shi, ina aka same shi, yaya nisan tsakani, a wane lokaci, don amfanin wa, kuma me maigida ya sani. Babu guda daga ciki da ke yanke hukunci ita kaɗai. Ratsewar kilomita biyar babba ce ga wanda aka aika daga Kwari zuwa Sabon Gari, amma ba komai ba ce ga wanda aka tura Legas.

"Ai na hana shi"

Wannan ita ce garkuwar da iyayen gida suka fi dogara da ita, kuma ita ce ta fi ba su kunya. Kotu tana bambanta hani iri biyu. Akwai hanin da ke faɗa wa ma'aikaci yadda zai yi aikinsa: kada ka yi gudu, kada ka amsa waya kana tuƙi, kada ka sha taba kusa da mai. Akwai kuma hanin da ke shata iyakar aikin kansa: kai direban kaya ne, ba na fasinja ba. Wanda ya karya na farko yana nan cikin aikinsa, ya dai yi shi ta mummunar hanya, don haka maigida zai biya. Wanda ya karya na biyu ya fita daga da'irar.

Misalin da ya fi fito da wannan fili ya faru ne a Belfast, aka yanke hukuncinsa a 1942. Direban tankar mai yana juye fetur a tankin ƙasa na wani gidan mai, sai ya ƙyasta ashana ya kunna taba ya jefar da tsinken. Wuta ta tashi, aka yi asarar tankar da wata mota, gidajen maƙwabta suka lalace. Aka ce ai taba don jin daɗin kansa ya sha, ba aikin kamfani ba ne. Kotu mafi girma ta Ingila a lokacin ta yi watsi da wannan. Ta ce aikinsa a wannan lokaci shi ne ya tsaya ya kula da juyen mai, kuma ƙyasta ashana a gefen fetur sakaci ne a cikin wannan aikin. Ba a tsinke aiki guda a ware shi a ce wannan nasa ne. Ana duban me mutumin yake tsaye yana yi gaba ɗaya.

A gida Nijeriya kuma akwai shari'ar kamfanin sufuri na Jarmakani da wata mata mai suna Abeke, a 1963. Motar ta ɗaukar kaya ce, kuma an hana direban ɗaukar fasinja ƙarara. Ya ɗauka, aka yi haɗari, matar ta ji rauni. Babbar kotun ƙasa ta lokacin ta ce kamfani ba zai biya ta ba, domin hanin ya shata iyakar aikin direban ne, jigilar mutane ba ta cikin abin da aka ɗauke shi dominsa. Wannan hukunci ya kamata ya shiga kunnen duk masu hawa saman tirela da motocin siminti daga Arewa zuwa Kudu don ragin kuɗin mota. Wanda ya hau motar kaya bisa yarjejeniya tsakaninsa da direba, idan tsautsayi ya auku, yana iya wayar gari ba shi da wanda zai bi sai direban, idan ma direban ya rayu.

Amma fa a gwada ta da wata ta Ingila a tsakiyar shekarun 1970, ta Rose da Plenty. Mai raba madara gida-gida ne, kamfani ya hana shi ɗaukar yara su taya shi aiki ko hawa motar. Ya ɗauki yaro ɗan shekara 13 yana taya shi kai kwalabe yana ɗan sallamarsa, har wata rana ya ji masa rauni da tuƙin sakaci. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce kamfani zai biya, domin yaron madarar kamfani yake rabawa. Hanin an karya shi a duka biyun. Bambancin shi ne a nan karyawar ta tafi ne wajen ciyar da aikin maigida gaba. Direban da ya ɗauki ƙaramin yaro yana taya shi sauke kaya ba ɗaya yake da wanda ya ɗauki fasinja don aljihunsa ba.

Idan da gangan ne fa?

Mutane da yawa suna ɗauka cewa duka, ko sata, ko zamba ba za su taɓa zama "cikin aiki" ba, tun da babu maigidan da ke ɗaukar mutum don ya yi su. Kotunan Ingila sun daɗe da barin wannan tunani. Tun daga 2001 tambayar da suke yi ita ce: shin laifin yana da alaƙa ta kusa da aikin da aka damƙa wa mutumin, har ya zama adalci ne a ɗora wa maigida? Hukuncinsu na yanzu ba dole ba ne a kan kotunan Nijeriya, amma lauyoyinmu suna kafa hujja da shi, alƙalai kuma suna saurara.

Abin sha'awa, kamfani guda ne, babban kantin nan na Morrisons, ya ba da misalan biyu da suka nuna inda layin yake. A watan Maris na 2008 wani mutum ɗan asalin Somaliya ya shiga gidan man kamfanin a Birmingham yana tambaya ko za a iya buga masa wasu takardu. Ma'aikacin da ke kan kanta ya zazzage shi da kalaman wariyar launin fata, ya kore shi, ya bi shi har mota, ya ce kada ya sake dawowa, ya rufe shi da duka duk da shugabansa yana hana shi. Kotuna biyu suka ce babu ruwan kamfani. A 2016 Kotun Ƙoli ta soke hukuncinsu. Ta ce aikin mutumin shi ne sauraren abokan ciniki, abin ya faro ne daga kan kanta bai yanke ba har zuwa mota, kuma da ya ce kada ya sake taka wurin, da sunan gidan maigidansa yake magana.

Na biyun wani babban mai binciken kuɗi ne a cikin kamfanin, wanda aka taɓa yi wa gargaɗi a 2013 ya ƙullaci abin a ransa. Aka ba shi bayanan albashin ma'aikata ya miƙa wa masu binciken waje. Ya miƙa, amma ya kwafi nasa, ya je gida, a watan Janairun 2014 ya watsa bayanan mutum kusan 100,000 a intanet don ya kunyata kamfanin. An ɗaure shi shekara 8. Ma'aikata sama da 9,000 suka kai kamfanin ƙara, suka yi nasara a kotuna biyu, amma a 2020 Kotun Ƙoli ta ce kamfani ba zai biya ba. Aikin ya ba shi dama, gaskiya ne, amma dama kaɗai ba ta isa ba. Mutumin ramuwar gayyarsa yake yi, kuma maigidan ne ma abin harinsa. A cikin hukuncin sai da aka koma aka ɗauko maganar da Parke ya yi a 1834.

Idan aka kawo wannan gida: maigadin da ya yi wa baƙo dukan kawo wuƙa a ƙofar kamfani yayin hana shi shiga, kamfani na cikin haɗarin biya. Maigadin da ya bar ƙofa ya tafi unguwarsu ya daki wanda suke rigimar fili da shi, ko da yana sanye da kakin kamfani, wannan tasa ce.

Akwai wata ƙofa da masu ƙara kan manta da ita. Ko da an tabbatar yaro yawon gabansa ya tafi, ana iya kama maigida da sakacin kansa. A tsibiran Virgin na Birtaniya wani ɗan sanda ya bar wurin aikinsa, ya ɗauki bindigar ofis, ya haye wani tsibiri zuwa mashayar da budurwarsa ke aiki, kishi ya ɗebe shi ya buɗe wuta, harsashi ya sami wani ɗan yawon buɗe ido. A 2004 kotun ƙarshe ta ce wannan ba aikin ɗan sanda ba ne, don haka gwamnati ba za ta ɗauki laifinsa ba. Amma ta ce gwamnati za ta biya saboda laifinta ita kanta: ta bar bindiga a hannun mutumin da aka riga aka ga alamun bai cancanci riƙe ta ba. Haka wanda ya miƙa makullin tirela ga direban da ya san ba shi da lasisi, ko ya san mashayi ne, ko ya bar mota tana yawo babu birki mai kyau. Ba zai fake da cewa direba ya ratse ba.

A Jamhuriyar Nijar, inda tsarin dokar Faransa aka gada, tushen maganar yana cikin sashe na 1384 na kundin dokar farar hula. A Faransa kanta ƙofar kuɓuta ta fi ƙunci: tun 1988 babbar kotunsu ta ce maigida ba ya fita sai ya nuna abu uku a haɗe, cewa ma'aikacin ya yi abin a wajen aikinsa, ba da izini ba, kuma don wata manufa da ba ta shafi aikin ba.

Wa zai kawo hujja?

A nan doka ta ɗan tausaya wa wanda aka buge. Shi ba zai iya sanin me Alhaji ya gaya wa direbansa da safe a shago ba. Don haka idan ya tabbatar cewa motar ta wane ce, kotu takan fara da zaton cewa mai tuƙin yaron mai motar ne kuma a kan aikensa yake. Zato ne kawai, ana iya rushe shi, amma mai motar ne zai rushe shi da shaida. Cewa da baki "ban aike shi ba" ba ta cika isa ba. Abin da ke aiki shi ne takardar kaya mai kwanan wata da inda aka nufa, sa hannun wanda ya karɓi kaya da lokacin da ya karɓa, littafin shiga da fitar motoci da maigadi ke riƙewa, rasidin mai, saƙon waya, da bayanan na'urar bibiyar mota ga wanda ya sa ta. A misalinmu na sama, sa hannun ƙarfe ɗaya na rana a Sabon Garin Zariya shi ne zai ceci Alhaji daga haɗarin hanyar Funtuwa. In babu shi, sai dai a yi ta musu tsakaninsa da direban da shi ma kansa yake neman fitarwa.

Shi kuma mai ƙara ba dole ba ne sai ya kamo direban ya haɗa shi cikin ƙarar. Kotun Ƙolin Nijeriya ta tabbatar da haka a 2000, a shari'ar kamfanin Ifeanyi Chukwu Osondu da kamfanin Soleh Boneh: ana iya ƙarar maigida shi kaɗai, muddin an tabbatar da laifin direban. To gudun direba bayan haɗari, wanda ya zama ruwan dare, ba ya kashe ƙara. Abin da ke kashe ta shi ne rashin lambar mota, rashin rahoton 'yan sanda ko na jami'an kiyaye haɗurra, rashin takardun asibiti, da jinkiri. Jinkirin ya fi tsanani idan motar ta hukuma ce, domin dokar kare jami'an gwamnati wata 3 kacal ta ba da a shigar da ƙara.

Ga masu motoci da masu shaguna: ku rubuta aike, ku rubuta hani, direba ya sa hannu, kuma abin da kuka hana a takarda kada ku riƙa kawar da kai a kansa a aikace. Ga wanda tsautsayi ya samu shi ko nasa: ku riƙe lambar motar, ku binciki inda aka aiki direban a wannan rana da abin da ke cikin motar, sannan ku ga lauya kafin ku sa hannu a kowace takardar sulhu.